Yadda na zaɓi takalmin gudu na farko a Sakkwato

Na rubuta wannan ne saboda duk wanda ya fara sassarfa a garin nan, kuma hanyarsa irin tawa ce: rabi kwalta da ta farfashe, rabi burji mai ƙura da tsakuwa. A Arkilla nake zaune, kuma bayan sallar asuba nake fita. Ba a tsakiyar titi mutum ke gudu ba, saboda motoci da 'yan kabu-kabu, sai dai a gefe, inda bakin kwaltar ya guntule, yashi ya taru, ga tsakuwa ga fasassun kwalabe. Daga nan in ratse cikin unguwa inda babu kwalta sam. Da kambas ɗin da nake da shi na fara, irin mai shafaffen ƙasan nan da ake sawa da wandon jins. Ba a jima ba ƙwaurina ya fara zogi, bororo ya fito mini a ɗan ƙaramin yatsa, kuma duk tsakuwar da na taka sai na ji ta har cikin tafin ƙafa. Kullum na dawo gida na zazzage takalmin sai yashi ya zubo. Na san takalmi nake buƙata, amma tambayar mutane ta ƙara rikita ni. Wani ya ce in sayi mai laushi, wani ya ce mai ƙusoshi a ƙasa, wani kuma ya ce sunan kamfani kawai zan duba.

Wani maƙwabcina ne ya ce in je filin wasa na Giginya da safiyar Asabar, akwai masu gudu da suka daɗe a harkar. Na je, na tarar da jama'a, matasa da magidanta har da dattawa, wasu na zagaye wasu na miƙe jiki. Aka nuna mini wani dattijo tsohon ɗan tsere da yaran ke kira Koci. Na jira har ya sallami yaransa, rana ta fara zafi, sannan na matsa na gaishe shi na faɗi abin da ke tafe da ni. Bai tambaye ni nawa nake da shi ba, bai kuma ambaci sunan wani kamfani ba. Cewa ya yi: "Malam, tuɓe takalmin in gani." Ya juya shi ya duba ƙasansa, ya lanƙwasa shi biyu da hannu ɗaya, ya murɗa shi, sannan ya ce: "Wanga takalmin yawo na, ba na gudu ba. Ina kaka gudu, bisa kwalta ko cikin ƙasa?" Na ce duka biyun. Ya ce to, kafin in taka kasuwa in koma gida in auna ƙafata, kada in dogara da lambar da na saba saye. Na ce masa: "Baba, ai lambata 42 ce tun ina saurayi." Ya ce lambar takalmin zuwa ofis ce wannan, ta gudu daban take.

Ya yi mini bayanin dalili. Ƙafa tana kumbura idan an wuni a kanta, tana ƙara kumbura a cikin gudu, balle a zafin Sakkwato da ke haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu. Bayan haka, duk takun da mutum ya yi a guje ƙafar tana ɗan zamewa gaba a cikin takalmi. Idan babu fili a gaba, farcen babban yatsa ko na kusa da shi zai riƙa dukan bakin takalmin sau dubbai, jini ya taru a ƙarƙashinsa, ya yi baƙi, wani lokaci ya cire. Ya ƙara da wani abu da ya shafe mu musamman. Yawancinmu a silifas da buɗaɗɗen takalmin fata muka tashi, don haka yatsunmu a baje suke, gaban ƙafarmu yana da faɗi. Takalman gudu da yawa kuwa an ɗinka su ne da tsukakken baki. Saboda haka tsawo kaɗai ba ya wadatarwa, sai an duba faɗi.

Da la'asar sakaliya na yi awon. Na shimfiɗa farar takarda a kan siminti, na jingina ƙarshenta da bango, na sa safar da zan riƙa gudu da ita, na tsaya a kai dunduniyata na taɓa bangon. Tsayuwa ake yi, ba zama ba, domin sai nauyin jiki ya hau ƙafa take bajewa. Ɗana ya ja layi da fensir a daidai ƙarshen yatsan da ya fi tsawo, ya kuma zana gefe da gefe inda ƙafar ta fi faɗi. Da muka sa rula, ƙafar dama ta ba da santimita 26.4, ta hagu 26.0. Wannan bambanci ba wani abin damuwa ba ne, mutane da yawa ƙafafunsu ba ɗaya ba ne, kuma da babbar ake aiki. Koci ya ce in ƙara santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a kan tsawon babbar, wato faɗin babban yatsan hannu. Lissafi ya kai ni wajen 27.5. Na yanke takardar bisa zanen ƙafar dama, na ninke ta na sa a aljihu, kuma ita ce ta fi yi mini amfani a duk yawon da na yi.

A nan ne na fahimci abin da ke rubuce a ƙarƙashin harshen takalmi. Akwai 'yar takarda da aka manna ko aka ɗinka, mai ɗauke da lambobi a jere: US, UK, EUR, sai kuma CM ko JP. Lambar da muka saba faɗa a kasuwa, 42 ko 43, ita ce ta EUR, kuma tsakanin lamba da lamba kashi biyu cikin uku ne na santimita kawai. Matsalar ita ce kamfanoni ba su daidaita a kanta ba. Takalmin da aka rubuta wa 27.5 a layin CM, wani kamfani zai kira shi 43, wani 43 da sulusi, wani 43.5. Layin CM ko JP shi ne ya fi kusa da awon rula, wasu ma a milimita suke rubuta shi, su sa 275. Shi na riƙa bi. Wasu takalman kuma suna da alamar faɗi. D shi ne faɗin da aka saba yi wa maza, 2E ya fi shi faɗi, 4E ya fi duka, B kuwa shi ne faɗin da aka saba yi wa mata. Wannan yana da amfani a gwanjo, inda ake cakuɗa na maza da na mata a tuli ɗaya. Namiji zai iya samun tsawon da ya dace amma takalmin ya matse shi a gefe, don tun asali na mata ne.

Na fara da shagunan sababbin kaya a cikin gari. Takalma ne birjik a jikin bango, masu sheƙi, kowanne da tambarin babban kamfani. A wani shago yaron ya sauko mini da ɗaya ya ce Naira dubu ashirin da biyu, ya rantse na asali ne. Da na ɗaga shi sai na ji nauyi. Takalmin gudu na namiji mai matsakaiciyar ƙafa yakan kasance tsakanin giram 250 zuwa 300, wannan kuwa ya fi haka nesa. Na danna soson da ke tsakanin rigarsa da robar ƙasa da babban yatsa, bai lotsa ba. Na leƙa ciki na so in zaro shimfiɗar, na tarar an manne ta da gam, gam ɗin ma ya yi tsartuwa a gefe, ga warinsa mai hawa kai. Lambobin da ke harshen ƙafar dama da na hagu ba su ma yi daidai da juna ba. Kwaikwayo ne, an yi shi don kwalliya, kuma don zuwa biki ba shi da laifi. Amma abin da ke tsakanin ƙafa da ƙasa roba ce mai tauri da aka yi wa siffar soso. A wani shagon na ga na asali ƙwaya kaɗan, kuɗinsu ya haura dubu ɗari, kuma babu lambata. Na yi tunanin yin oda ta waya daga Legas ko Kano, na fasa, domin takalmin farko ba abin da za a saya ba ne ba tare da ƙafa ta shiga ciki ba.

Sai na koma wajen 'yan gwanjo a babbar kasuwa. Zuwan farko ban samu komai ba, ragowar da aka tsince ce kawai ta rage. Wani Alhaji mai rumfa ya ce mini idan takalmin kirki nake so, in zo ranar da za su fasa dila, ya karɓi lambar wayata ya ce zai kira. Jiran ya ɗan yi tsawo, har na fara tunanin ya manta, domin kayan daga nesa suke zuwa kuma ba su da tsayayyar rana. A tsakanin nan na daina gudu da tsohon kambas, na koma tafiya da sauri don ƙwaurin ya huta. Da ya kira na bar abin da nake yi na tafi. Na tarar da 'yan sari sun riga ni, sun kewaye buhunan, kowa na jan nasa. Zaɓen farko ya fi tsada, amma a nan ne ake samun waɗanda ba a taka su sosai ba. Alhajin ya ware mini duk masu lamba 43 zuwa 44, ya ba ni benci ya ce: "Yallaɓai, zauna ka duba a tsanake, ba mu gaggawa." Na ji daɗin wannan magana, don abin da nake buƙata ke nan.

Na fara da ƙasan takalmi, domin hanyata ce za ta ci shi. Takalmin gudu hawa uku ne: rigar sama, soson tsakiya mai shanye dukan ƙasa, da baƙar robar da ke taɓa hanya. Na farko da ya ɗauki idona mai manyan haƙora ne a ƙasa, irin na masu gudu a duwatsu da taɓo, tsawon haƙoran ya kai milimita 5 ko 6. Mai rumfar ya ce ai wannan ne maganin burji. Ga wanda duk gudunsa cikin daji ne, gaskiya ya faɗa. Amma a kan kwalta haƙoran nan ne kaɗai ke taɓa ƙasa, mutum zai riƙa jin su a tafin ƙafa, kuma kaushin kwalta zai cinye su da wuri, a bar shi da takalmi mai nauyi marar haƙora. Burjinmu kuma busasshe ne mafi yawan shekara, ba ya buƙatar dogon haƙori. Na ajiye shi.

Na biyun ya fi ja mini rai. Marar nauyi ne, sosonsa mai kauri, da na sa ƙafa sai na ji laushi har cikin raina. Da na juya shi sai na ga robar 'yan faci ne kawai a dunduniya da gaba, duk tsakiyar soso ne tsirara. An yi haka ne don a rage nauyi, kuma a kan santsin titi ba matsala. A gefen titinmu kuwa tsakuwa za ta yi ta yagar soson, kuma ƙayar tsidau da ke warwatse a filayen unguwa tana shiga soso cikin sauƙi. Akwai kuma wasu ramuka masu zurfi a ƙasan, irin waɗanda tsakuwa ke maƙalewa a ciki har sai an tsaya an ciro ta da tsinke. Tsayinsa ma ya sa ni shakka. Idan soso ya yi tsayi da laushi sosai, kuma gindinsa bai da faɗi, ƙafa tana lilo a kai duk lokacin da aka taka wuri marar daidai, kuma a nan ake samun targaɗe a idon sawu. Rigarsa raga ce mai manyan huji, na ɗaga ta sama ina hango haske ta ciki. Iska za ta shiga, amma yashi ma zai shiga, kuma yashi da gumi a cikin safa su ne ke kawo bororo. Shi ma na ajiye, raina bai so ba.

Wanda na ɗauka daga ƙarshe ba shi da wani kyan gani. Ruwan toka ne, takalmin atisaye na yau da kullum. Baƙar roba ta rufe kusan dukkan ƙasansa daga dunduniya har yatsu, da ƙananan zane masu zurfin milimita 2 zuwa 3, waɗanda za su kama ƙura ba tare da sun dami mutum a kan kwalta ba. Rigarsa saƙa ce mai matsattsen ido, ninki biyu, da na hura iska ta ciki na ji tana fita amma ban hango haske ba. Harshensa a ɗinke yake da gefe, wanda ke rage shigar yashi ta wajen igiya. Dunduniyarsa ta ɗan fi gaba tsayi, kimanin santimita ɗaya, kuma wannan ya dace da sabon shiga, domin takalmin da gaba da baya suke daidai yana ɗora wa agara da sha-raɓa aikin da ba su saba ba. A tulin akwai wani mai rigar da ba ta shan ruwa, ban ko tsaya kansa ba. Don ƙasashen sanyi da dusar ƙanƙara aka yi shi, a nan dafa ƙafa zai yi.

Samun irin da ya dace rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne gane ko takalmin yana da sauran rai, domin 'yan gwanjo sun iya wanki, kuma takalmin da ya gama aiki zai iya fitowa fes. Soson ne ke fara mutuwa tun riga tana da kyau. Kamar tsohuwar katifa ne, daga nesa lafiya lau, sai an kwanta a ji katako. Na zaro shimfiɗar ciki na danna soson da babban yatsa daga ciki, a wajen dunduniya da kuma ƙarƙashin tushen yatsu. Ya lotsa ya dawo nan take. Wanda ya mutu ko dai ya yi tauri, ko ya lotsa ya ƙi tasowa. Na duba gefen soson ta waje, 'yan layuka ne marasa zurfi, ba irin tamojin nan masu zurfi da ke nuna an daɗe ana dannawa ba. Na ajiye ƙafa biyun a kan bencin na tsuguna na dube su ta baya. Dukansu a miƙe suke tsaye. Takalmin da ya karkata gefe ɗaya ya riga ya ɗauki takun mai shi na farko, kuma zai tilasta wa ƙafarka bin wannan karkata.

Daga nan na matsa bayan dunduniya da yatsu biyu, na ji da ƙarfinsa, bai rushe ba. Na sa hannu ciki na shafa yadin wajen, babu huji, don idan ya huje roba mai tauri ce za ta riƙa gogar fata. Na lanƙwasa takalmin, ya lanƙwasu a gaba inda yatsu ke lanƙwasawa, tsakiyar ta ƙi. Na murɗa shi, ya ɗan ba da kai kaɗan ya tsaya. Na bi bakin robar da farce ko'ina ina neman inda ta fara ɓanɓarewa, na samu wuri ɗaya ƙarami a bakin yatsu. A ƙarshe na koma kan takardar harshe. Kamfanoni da yawa suna buga watan da shekarar da aka yi takalmin a wajen, kuma wannan bai wuce shekara biyu ba. Akwai wani a tulin da ko alamar taka shi babu, amma ya haura shekara takwas. Irin wannan soso da gam ɗinsa sun tsufa a ajiye, kuma zafin kwantena da na rumfa sun ƙara gajiyar da su, yana iya rabewa biyu a makon farko. Na kuma gwama takardun ƙafa biyun don in tabbatar lamba ɗaya ce kuma tare aka yi su, domin a dila ana samun waɗanda aka haɗa aure.

Sai gwaji. Na ɗora takardar zanen ƙafata a kan shimfiɗar da na zaro, na ga shimfiɗar ta fi ta tsawo da faɗin babban yatsa, kuma gefen takardar bai zarce ba sai ɗan kaɗan. Na ajiye shimfiɗar a ƙasa na taka da safa, na ga abu ɗaya. Na mayar da ita, na sa ƙafa biyun, na ɗaure igiya sosai kamar zan fita gudu, na miƙe tsaye. Yatsuna suna motsi a sake, tsakiyar ƙafa a kame, dunduniya ba ta fita idan na ɗaga. Na ce wa Alhaji zan ɗan taka, ya ce bismilla. Na yi sassarfa a layin rumfunan na dawo, yara na kallona, na sake komawa. Akwai irinsa sak mai lamba 27 a layin CM, shi ma na gwada, na ji yana taɓa ɗan ƙaramin yatsana. Yaron rumfar ya ce: "Zai buɗe, Yallaɓai, in ka saba da shi." Wannan magana gaskiya ce a takalmin fata. Rigar takalmin gudu zaren roba ce, ba ta buɗewa yadda fata ke yi, kuma abin da ya ɗan taɓa ka a rumfa shi ne zai zama ciwo bayan kilomita uku.

Alhaji ya sa kuɗi dubu talatin. Na taya sha takwas ya ce albarka. Na nuna masa inda robar ta fara ɗagawa, muka yi ta ja har ya sallama a dubu ashirin da uku. Farashin gwanjo yana bin canjin kuɗi, don haka wanda zai je yanzu ya shirya jin wata lamba daban. Abin da na roƙa kuma ya amince shi ne, idan na kai gida na ga matsala kafin in fita da shi waje, zan dawo in canza. Daga nan na wuce wajen mai gyaran takalmi a bakin kasuwa, ya goge wurin da ya ɗaga, ya shafa gam a ɓangare biyu, ya bari ya sha iska sannan ya matse, na ba shi ɗari biyar. Ya so ya zagaye takalmin da ɗinki yadda ake yi wa na makaranta, na ce a'a. Basilla tana huda soso, zaren kuma yana ɗaure shi ya hana shi lotsawa da dawowa. Na sayi safa biyu marasa auduga a dubu uku, domin auduga tana riƙe gumi ta jiƙe ta riƙa gogar fata. A gida na wanke takalmin da sabulu da ruwan sanyi, na zaro shimfiɗar na wanke ta daban saboda ƙafar wani ta zauna a kai, na shanya a inuwa.

Ban fita da shi gudu kai tsaye ba. Na fara yawo da shi a unguwa, sannan na koma haɗa tafiya da sassarfa, minti biyu ina gudu minti ɗaya ina tafiya. Abu na farko da na lura shi ne na daina jin tsakuwa. Amma dunduniyar hagu, wadda ita ce ƙaramar ƙafa, tana ɗan zamewa. Na koma wajen Koci ya nuna mini amfanin hujin nan na ƙarshe da ke can sama, wanda yawancinmu ba mu sa masa igiya. Ana zura kowace igiya a hujin gefenta ta yi ɗan kunne, sannan a ɗauki igiyar dama a zura a kunnen hagu, ta hagu a kunnen dama, a ja ƙasa, a ɗaure. Wuyan takalmin sai ya kama idon sawu ba tare da an matse saman ƙafa ba. Zamewar ta tsaya a ranar. Zogin ƙwauri kuwa bai tafi nan da nan ba, kuma Koci ya gaya mini gaskiya cewa takalmi ba ya maganin gaggawa. Yawancin ciwon sabon shiga daga yawan gudu ne kafin ƙashi da jijiya su saba. Na rage nisa, na riƙa barin kwana ɗaya tsakani, zogin ya lafa a hankali. Ya ce idan ciwo ya tsaya a wuri ɗaya a kan ƙashi, ana jinsa ko a tafiya, to wannan na asibiti ne.

Kula da takalmin a garin nan aiki ne na kansa. Lokacin hunturu ƙura tana cika idon saƙar har iska ta daina shiga, don haka idan na dawo nakan buga ƙafa biyun da juna, in zaro shimfiɗa in zazzage, in goge da busasshen buroshi. Wanki sai jefi-jefi, kuma ba na shanya shi a rana ko in bar shi a but ɗin mota, domin zafin yana sassauta gam yana kuma taurara soso. Bayan damina ƙarangiya tana maƙale wa igiya da safa idan na ratsa ciyawa, shi ya sa nake cusa ragowar igiyar a ƙarƙashin wadda ta gitta. Nakan juya ƙasan in ciro ƙaya da ƙananan tsakuwa kafin su nutse. Ba na zuwa kasuwa ko ofis da shi, don kowane taku yana rage masa kwana.

Masu yin takalman suna ƙiyasta cewa sabo yana ɗaukar kilomita 500 zuwa 800 kafin soso ya gaji. Wanda ke yin kilomita 4 sau uku a mako yana cin kilomita 12 ke nan, wajen 600 a shekara, wato sabon takalmi zai kai shi shekara guda ko kusa da haka. Na gwanjo wani ya riga ya ci wani abu daga ciki, kuma kaushin hanyarmu yana cin roba da sauri, don haka ni rabin wannan na sa wa nawa a lissafi. Ina rubuta nisan kowace fita a bayan kalandar ɗaki. Alamun da nake dubawa su ne baƙar robar ta cinye har farin soso ya leƙo a gefen dunduniya, ko takalmin ya fara karkata idan na ajiye shi a kan tebur, ko in fara jin tsakuwa da ciwon gwiwa a hanyar da na saba bi lafiya. Na riga na bar wa Alhaji lambar 27.5 da bayanin irin ƙasan da nake so, don ya ware mini idan sun fasa wata dilar, in fara saba wa na biyun tun na farkon bai ƙare ba.